Takardun da aka yi wa sikanin suna ɓuya wa bincike: ko neman kalma mafi kusa zai fito da su?

Sani_Ma'aji

Assalamu alaikum. Ina kula da ma'ajiyar takardu ta wata ƙungiya, kuma a 'yan shekarun nan an yi wa tsofaffin takardunmu sikanin, an wuce da su ta manhajar gane rubutu, wato OCR, aka zuba rubutun da ya fito a cikin Elasticsearch domin a riƙa bincike. Mafi yawan takardun da tafireta aka buga su, wasu kwafin kabon ne, wasu kuma fotokwafi ne na wani fotokwafin. Matsalar da nake fama da ita ita ce, sai in nemi kalmar "yarjejeniya", injin ya kawo mini wasu takardu, amma ya bar wata wadda na san tana nan, wadda kuma idan na buɗe hotonta zan ga kalmar ɓaro-ɓaro a layi na biyu. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in kunna binciken kusanci, wanda yake karɓar kalmar da ta ɗan saɓa da wadda aka nema, na kuwa kunna kamar haka:

```
{"match": {"rubutu": {"query": "yarjejeniya", "fuzziness": 2, "prefix_length": 1}}}
```

Takardun da suke fitowa sun ƙaru, amma har yanzu akwai waɗanda ba sa fitowa, sannan idan kalmar da aka nema gajera ce sai sakamakon ya cika da tarkace. Tambayata ita ce, shin wannan hanya za ta iya dawo da abin da gane rubutu ya ɓata, ko kuwa dole ne a sake aikin tun daga tushe?

Nura92

Wa alaikumus salam, Malam Sani. A nawa fahimtar, fayil ɗin da ya fito daga sikana hoto ne kawai, babu rubutu a cikinsa, shi ya sa bincike ba ya ganin komai. Sai an wuce da shi ta OCR tukuna, akwai manhaja mai suna OCRmyPDF da take yin wannan aikin ta kuma ajiye rubutun a ƙarƙashin hoton.

Bala_Laburare

Malam Nura, ai ya riga ya faɗa cewa an yi wannan matakin. Rubutun yana nan, kuskure ne a cikinsa. Abin da zan roƙi Malam Sani shi ne ya ɗauki ɗaya daga cikin takardun da suka ƙi fitowa, ya fitar da rubutun da ke ƙarƙashin hoton da `pdftotext`, ya duba da idonsa yadda injin ya rubuta kalmar. Idan ba a ga irin kuskuren ba, duk shawarar da za mu bayar a nan harbi ne a duhu.

Malam_Garba

Ni dai ina ganin an girmama matsalar fiye da yadda take. Manhajojin yanzu suna gane haruffa da daidaito kusan kashi 98 cikin ɗari idan takardar tana da kyau, ke nan abin da ake rasawa bai wuce kashi biyu ba. Idan asarar ta wuce haka, to laifin sikanin ne, sai a sake shi a kan ɗigo 600 a kowane inci, magana ta ƙare.

Injiniya_Rakiya

Malam Garba, ko da mun amince da wannan adadi, lissafin da aka ɗora a kansa bai tsaya ba, domin bincike ba harafi yake nema ba, kalma yake nema, kuma harafi ɗaya tak ya isa ya ɓata kalma. "Yarjejeniya" tana da haruffa 11. Idan kowane harafi yana da damar kashi 98 na fitowa daidai, damar dukkan goma sha ɗayan su fito daidai ita ce `0.98^11`, wato kusan kashi 80 cikin ɗari, ma'ana a duk sau biyar da kalmar ta bayyana, sau ɗaya za ta kuɓuce. Idan daidaiton ya sauka zuwa kashi 95, wanda ba abin mamaki ba ne a kwafin kabon, lissafin yakan koma kusan kashi 57. Wannan lissafi ya ɗauka cewa kurakuran a warwatse suke, alhali a zahiri sukan taru ne a shafukan da suka kode ko a gefen da takarda ta lanƙwashe, don haka wasu shafukan za su fi haka kyau, wasu kuma su fi haka muni ƙwarai.

Akwai wani ɓangare da kake da gaskiya a kai, kodayake ba shi ka faɗa ba. Idan kalma ta maimaitu sau goma a cikin takarda guda, ko da biyu sun lalace, takwas ɗin da suka rage za su fito da takardar. Saboda haka dogon rahoto ba kasafai yake ɓacewa ba. Abin da yake ɓacewa shi ne gajeriyar wasiƙa, ko sunan mutum, ko lambar fayil, wato abin da ya zo sau ɗaya rak, kuma galibi irin wannan ne mai bincike ya fi buƙata.

Game da ɗigo 600 kuwa, ɗigo 300 a kowane inci shi ne abin da aka saba ba da shawara a kai ga rubutu mai matsakaicin girma, kuma ƙari a kan haka yana taimakawa ne idan haruffan ƙanana ne sosai. Idan tawadar ce ta malala har "n" da "i" suka manne a kan takardar kanta, ƙarin ɗigo zai ba ka hoton mannewar ne kawai a fili.

Sani_Ma'aji

Na bi shawarar Malam Bala, na ma ɗan faɗaɗa ta. Na ɗebi shafuka 60 ba tare da zaɓe ba, na karanta hotunansu da kaina, na ƙirga cewa "yarjejeniya" ta bayyana sau 45. A cikin rubutun da injin ya fitar, sau 31 ne kawai ta fito daidai. Sauran 14 ɗin ga yadda suka kasu. Shida harafi ɗaya ne ya canza, irin su `yarjejenlya` da `yarjcjeniya`, kuma biyu daga cikin shidan harafin farko ne ya lalace, suka zama `varjejeniya`. Uku sun fito a matsayin `yarjejemya`. Uku kuma an raba su a ƙarshen layi, `yarje-` a sama, `jeniya` a ƙasa. Biyun ƙarshe hatimi ne ya hau kansu, abin da ya fito ba ya karantuwa. Da na kunna binciken kusancin, adadin ya tashi daga 31 zuwa 38.

Injiniya_Rakiya

Madalla, Malam Sani, yanzu muna da abin yin magana a kai, kuma lambobinka sun bayyana kansu. Abin da `fuzziness` yake aunawa shi ne tazarar gyara, wato sau nawa za a sauya harafi, ko a cire shi, ko a ƙara wani, kafin wannan kalma ta koma waccan. Vladimir Levenshtein ne ya tsara wannan ma'auni a 1965, kuma Lucene, injin binciken da aka gina Elasticsearch a kansa, ba ya yarda a wuce tazara 2. Kalmomin nan huɗu da harafi ɗaya ya canza a tsakiyarsu suna kan tazara 1, sun shigo. `yarjejemya` tana kan tazara 2, domin a idon ma'aunin an mayar da "n" ta zama "m" sannan an cire "i", su ma ukun sun shigo. Huɗu da uku bakwai, a haɗa da 31, ga 38 ɗinka nan.

Biyun da suka fara da "v" suna kan tazara 1 ne kacal, amma kai da kanka ka rufe musu ƙofa da `prefix_length` da ka sa 1, domin ma'anarsa ita ce harafin farko dole ya zo daidai. Ana sa wannan ne don a rage wa injin nauyi, kuma ga kuskuren yatsa yana da ma'ana, tunda mutum ba kasafai yake kuskure harafin farko ba. Manhajar gane rubutu ba ta da wannan ɗabi'a, harafin farko da na biyar duk ɗaya ne a wurinta, hasali ma kalmar da take farkon layi ta fi fuskantar inuwar ɗaurin littafi ko hujin da aka yi wa takarda. Ka mayar da shi 0, za ka kai 40.

Ukun da aka raba a ƙarshen layi ba aikin binciken kusanci ba ne ko kaɗan, domin `yarje` ta rasa haruffa shida. Gyaransu kafin a gina fihirisa ake yi: duk layin da ya ƙare da karan ɗori, a haɗa shi da kalmar farko ta layi na gaba, kuma ya fi kyau a ajiye sigogin biyu, haɗaɗɗiya da rababbiya, saboda kalmomin da karan nasu na asali ne kamar "gyare-gyare". Wannan zai kai ka 43. Biyun da ke ƙarƙashin hatimi sai dai mutum ya rubuta su da hannu.

Usman_K

Ina son in ja hankali ga rabi na biyu na tambayar, wato tarkacen da yake fitowa a gajerun kalmomi, domin a can ne na ga ana yawan shan wahala. Tazara 2 a kalma mai haruffa 11 ƙaramin abu ne, amma a kalma mai haruffa huɗu rabin kalmar ke nan. A ɗauki "kara" a tazara 1 kaɗai: "kaya", "kasa", "kira", "kare", "fara", "tara", "bara" duk za su amsa kira, kuma dukkansu kalmomi ne na gaskiya da suka cika takardun. A tazara 2 kuwa har "taya" da "gasa" sun shigo. Shi ya sa Elasticsearch yake da zaɓin `AUTO`, wanda ba ya yarda da kuskure a kalma mai harafi ɗaya ko biyu, ya yarda da ɗaya idan haruffan daga uku zuwa biyar ne, da biyu idan sun haura biyar. Ni ma ina ganin waɗannan iyakoki sun yi sassauci ga harshen da gajerun kalmominsa suke kama da juna haka, kuma ana iya matsar da su, misali `AUTO:5,9`, yadda kalmar da ba ta kai haruffa biyar ba sai ta zo daidai.

Malam_Garba

To idan haka ne, me zai hana a yi amfani da Soundex ko makamancinsa? Na ga ana amfani da shi wajen neman sunaye, yana haɗa sunayen da rubutunsu ya bambanta, kuma ba ya buƙatar duk wannan ƙirgar.

Bala_Laburare

Ranka ya daɗe, Soundex yana haɗa kalmomi ne ta yadda suke fita a baki, kuma an ƙirƙire shi ne tun farkon ƙarni na 20 domin sunayen Ingilishi. Ya dace da magatakardan da ya ji suna da kunne ya rubuta yadda ya ji. Manhajar gane rubutu ba ta ji, gani take yi, don haka abin da take rikitawa shi ne masu kama a siffa: "e" da "c", "i" da "l" da "1", "rn" da "m", "O" da "0". Babu wanda zai furta "e" kamar "c". Ga shi kuma Soundex yana riƙe harafin farko yadda yake, ke nan `varjejeniya` ɗin nan za ta sake kuɓucewa.

Talatu_Akawu

Tawa matsalar ta ɗan sha bamban, amma tushensu ɗaya. Mu rasit da takardun biyan kuɗi muke adanawa, kuma abin da ake nema kullum lamba ce. Da aka kunna mana binciken kusanci a kan komai, sai wani ma'aikaci ya nemi rasit mai lamba `10582`, injin ya kawo masa `10583` da `10532` a gaba, shi kuwa bai lura ba ya ɗauki na farko ya haɗa da fayil ɗin wani. Ainihin rasit ɗin yana can ƙasa, injin ya karanta shi a matsayin `l0S82`. A kalma, idan harafi ɗaya ya canza yawanci abin da ya fito ba kalma ba ce, sai a gane kuskure ne. A lamba kuwa, canjin alƙalami ɗaya yana ba ka wata lamba ce mai inganci ta wata takarda daban, kuma babu abin da zai nuna maka.

Abin da muka koma yi shi ne an kashe kusanci gaba ɗaya a filin lambobi, aka sa wata ƙa'ida mai sauƙi: idan jerin alamomi mafi yawansa alƙaluma ne, a mayar da `l` da `I` su zama `1`, `O` ya zama `0`, `S` ya zama `5`, `B` ya zama `8`, sannan a yi binciken daidai. Wannan bai magance inda injin ya karanta 3 a matsayin 8 ba, kuma ban ga yadda za a magance shi ba sai da duban mutum.

Injiniya_Rakiya

Abin da Malama Talatu ta kawo shi ne ainihin inda nake son maganar ta dosa. Tazarar Levenshtein ba ta san komai game da siffar haruffa ba, a wurinta sauya "e" da "c" daidai yake da sauya "e" da "k", alhali na farko yana faruwa a kowane shafi, na biyu kuwa da wuya. Haka nan "ni" da ta zama "m" kuskure ɗaya ne a idon manhajar gane rubutu, amma ma'aunin yana cajin biyu, wato ya cinye dukkan abin da Lucene ya yarda da shi. Idan aka samu `yarjcjemya`, kurakurai biyu ne na yau da kullum, amma tazararta 3, ta wuce iyaka.

Akwai kuma abin da ƙirgar Malam Sani ba ta nuna ba, wato ɗafa-ƙeya. "Yarjejeniyar" tana kan tazara 1 daga "yarjejeniya", don haka binciken kusanci yana kawo ta, har mutum ya zaci injin ya san nahawu. Bai sani ba, daga cikin kason kuskure ya ɗiba. Idan wannan sigar ta haɗu da mannewar "ni", aka samu `yarjejemyar`, tazara ta zama 3, ta ɓace. Jam'in kalmar, "yarjejeniyoyi", yana kan tazara 3 tun kafin wani kuskure ya same shi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga ma'ajiya irin tasa ita ce a daina dogaro da tazara makauniya, a koyi kurakuran wannan tarin takardu na musamman. A fitar da jerin duk kalmomin da ke cikin fihirisar tare da yawan fitowar kowacce. Za a ga dogon jela na kalmomin da suka zo sau ɗaya ko biyu, mafi yawansu ɓatattun sigogi ne na kalmomin da suka zo sau ɗaruruwa. A kwatanta shafukan nan 60 da aka karanta da ido da abin da injin ya fitar, a rubuta waɗanne musaye ne suke maimaituwa. Yawanci 'yan kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawan ɓarnar, domin tafireta ɗaya mai lalataccen harafi takan buga dubban shafuka. Daga nan sai a yi wani fili na biyu a fihirisa, inda ake mayar da duk masu kama da juna siga ɗaya, misali "c" ta koma "e", "l" da "1" su koma "i", "ni" da "rn" su koma "m", a kuma yi wa kalmar da aka nema irin wannan sauyi. A wannan filin "yarjejeniya" da `yarjcjemya` duk sun zama `yarjejemya`, sun haɗu ba tare da an kashe ko tazara ɗaya ba, sai a bar tazara 1 ta kama kurakuran da ba a hango ba. Filin farko a bar shi yadda yake, a ba shi nauyi mafi girma wajen jera sakamako, domin abin da ya zo daidai ya riƙa hawa sama.

Usman_K

Injiniya, na yarda da tsarin, amma a faɗi kuɗinsa. Da zarar "c" ta koma "e" kuma "l" ta koma "i", akwai kalmomi na gaskiya da za su faɗa rami ɗaya. Irin wannan ne yake faruwa da haruffa masu ƙugiya: idan samfurin harshen da aka ba manhajar ba shi da "ƙ" ko "ɗ" ko "ɓ" a cikin haruffansa, ba zai taɓa fitar da su ba, sai ya ba da "k" ko "d" ko "b" ko wata alama dabam. Maganin da ake yi shi ne a sa `asciifolding` ya cire ƙugiyar a ɓangarorin biyu, amma daga nan "ƙasa" da "kasa" sun zama abu ɗaya, haka "ƙara" da "kara". Ga mai neman takardar da ta ɓata wannan ciniki ne mai riba, ga mai ƙirga yawan fitowar kalma kuwa asara ce.

Bala_Laburare

Mu a wurinmu rumbun bayanai na PostgreSQL muke amfani da shi, don haka hanyar gutsuren haruffa uku-uku muka bi, da `pg_trgm`. Ana yanka kalma gutsure-gutsure, a ƙirga nawa ne kalmomin biyu suka yi tarayya a kai, a raba da jimillar gutsuren da suke da su.

```
SELECT similarity('yarjejeniya', 'yarjejemya');
```

Ta farko tana da gutsure 12, ta biyu 11, sun haɗu a 8, jimilla ba tare da maimaici ba 15, sakamako kusan 0.53, ya haura 0.3 da aka sa a matsayin iyaka tun asali. Abin da ya burge ni shi ne rabin kalma ma yana wucewa: `yarje` tana samun kusan 0.38, `jeniya` kusan 0.36, don haka rababbun kalmomin Malam Sani za su fito ko ba a haɗa su ba. Haka idan injin ya haɗiye tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu ya manne su, gutsuren na ciki suna nan. Sai dai `yarjcjemya` ta tsaya a kusan 0.28, ta faɗi da ɗan kaɗan, domin kowane harafi da ya lalace a tsakiya yana tafiya da gutsure har uku. Idan aka sauke iyakar don a kama ta, tarkace ya shigo, kuma fihirisar irin wannan ta fi ta kalmomi girma sosai.

Hajiya_Binta

Ku yi mini uzuri, ni ba ma'abociyar wannan fanni ba ce, aikina ya shafi shari'a ne. Tun da kun san cewa `yarjejemya` kuskure ce, me ya sa ba za a gyara rubutun sau ɗaya a huta ba, maimakon a riƙa kewaye-kewaye a kowane bincike? Ina tambaya ne kuma ina da fargaba a lokaci guda, domin idan injin ne zai yi gyaran, wa zai tabbatar mini bai canza sunan wani ba?

Injiniya_Rakiya

Hajiya, fargabarki ita ce amsar. Gyara ta hanyar ƙamus yana aiki a kalmomin yau da kullum, amma sunan da ba ya cikin ƙamus sai ya ja shi zuwa kalmar da ta fi kusa, kuma kuskuren da ya haifar ya fi na farko haɗari tunda yanzu ya yi kama da daidai. Shi ya sa nake cewa kada a taɓa asalin abin da manhajar ta fitar. A ajiye shi, a ƙara filin gyara a gefensa, kuma abin da za a nuna wa mai bincike ya zama hoton shafin ne da alama a kan wurin da aka samu kalmar, shi ya yanke hukunci da idonsa.

Malam_Garba

Har yanzu ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Duk wannan gini ana yin sa ne a kan rubutun da ya lalace. Na janye batun sake sikanin, amma idan hotunan suna nan, sake wuce da su ta sabuwar manhaja ba ya buƙatar a taɓa takarda ko ɗaya. Tesseract, ɗaya daga cikin manhajojin gane rubutu, ya sauya injinsa a siga ta 4 da ta fito a 2018, yana karanta layi gaba ɗaya maimakon harafi-harafi. Idan aikin Malam Sani ya girmi wannan, ko an yi shi ba tare da an miƙe shafukan da suka karkace ba, wataƙila sabon karatu ya rage sha huɗun nan tun kafin a zo maganar kusanci.

Injiniya_Rakiya

A nan ina tare da kai, Malam Garba, da sharaɗin a gwada kafin a yanke. Shafukan nan 60 sun zama ma'auni yanzu, sai a sake karanta su kaɗai a ga ko 31 ta motsa. Ba lallai ne kuma a sake dukkan ma'ajiyar ba. Umarnin `tesseract shafi.png fita tsv` yana ba da makin amincewa daga 0 zuwa 100 ga kowace kalma, kuma matsakaicin makin shafi ya isa a ware shafukan da suka fi lalacewa a fara da su. Makin ba hujja ba ne, injin yakan ba kalmar da ya kuskure maki mai yawa, musamman a lambobi, amma wajen jera shafuka yana da amfani. Idan aka yi karatu na biyu kuma, babu dalilin jefar da na farko. A sa duka biyun a fihirisa, tunda injuna biyu ba kasafai suke kuskure a wuri ɗaya ta hanya ɗaya ba.

Sani_Ma'aji

Na mayar da `prefix_length` 0, biyun nan masu "v" sun fito, na kai 40 kamar yadda Injiniya ta lissafa, sai dai binciken ya ɗan yi nauyi. Wani sabon abu kuma ya ɓullo. Na nemi wani suna mai haruffa shida, na san akwai sigarsa da ta lalace a tazara 2, na ma gan ta a rubutun shafin, amma ba ta fito ba, alhali babu hatimi, babu rabuwar layi.

Usman_K

Malam Sani, ka duba `max_expansions`. Injin ba ya neman duk kalmomin da suka faɗa cikin tazarar, yana ɗaukar adadi ne ya tsaya, kuma adadin asali 50 ne. A fihirisa mai tsabta wannan ya isa, amma taka cike take da ɓatattun kalmomi, ga shi kuma ka buɗe harafin farko, don haka suna mai haruffa shida a tazara 2 zai iya samun maƙwabta fiye da 50, waɗanda suka fi kusa su cike gurbin, taka ta rage a waje. Ka ɗaga adadin ka sake gwadawa. Idan ta fito, to ka san dalili, amma ka auna lokacin da binciken yake ɗauka kafin ka bar shi haka ga kowa.

Talatu_Akawu

Ina da tambaya ga Injiniya game da ma'aunin kansa. Shafuka 60 da kalma ɗaya doguwa aka gwada, kuma doguwar kalma ita ce mafi sauƙi ga binciken kusanci. Ƙirgar ta nuna abin da aka dawo da shi, ba ta nuna takardu nawa ne suka shigo ba bisa ƙa'ida ba. Ni da ni ce, zan ƙara gajerun sunaye da lambobin fayil a cikin gwajin, in kuma ƙirga nawa ne daga cikin sakamako 20 na farko suke daidai a kowane saiti. Sannan ban ji an faɗi abin da za a yi da binciken jimla ba, inda ake son kalmomi biyu ko uku su zo a jere, domin iya sanina `match_phrase` ba ya karɓar `fuzziness`, kuma mafi yawan sunayen da ake nema a wurinmu kalmomi biyu ne.